Yadda za ka ba da aron wayarka a Sabha ba tare da ka ba da sirrinka ba

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan na kudancin Libiya, aron waya ba baƙon abu ba ne. Wani ya taso daga Agadez, ya biyo ta Dirku da Gatrun, ya iso da waya matacciya ko kuma ba waya gaba ɗaya. Wani yana da waya amma bai samu layin Libyana ko na Almadar ba tukuna. Wani kuma katinsa ne ya ƙare, ga shi yana son ya sanar da gida cewa ya sauka lafiya. Duk wanda ya zauna ɗakin haya da 'yan'uwa a Gurda, Mahdiya ko Tayuri ya san ba a hana ɗan'uwa waya a irin wannan hali, kuma bai kamata a hana ba.

Sai dai wayar ɗan ci-rani ba ta kira kaɗai ba ce. A cikinta akwai hirarsa da iyalinsa, da hoton takardunsa, da saƙonnin mai aika masa kuɗi gida, da lambobin iyaye da matarsa. A garin nan lambobin dangi ba ƙaramin abu ba ne: a watan Afrilu na 2017 Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ba da rahoton yadda ake tsare baƙi a Sabha, ana tilasta musu kiran danginsu don a biya kuɗin fansa. Ko ba a kai nan ba, wanda ya samu shiga WhatsApp ɗinka zai iya rubuta wa mahaifiyarka da sunanka, ya ce kana cikin matsala a turo kuɗi.

Maganin yana cikin wayar da ke hannunka. Tun daga Android 5.0, wanda ya fito a 2014, wayoyin Android suna da hanyar kafe manhaja ɗaya a allo, wasu kuma suna da ɓangaren baƙo. Tsarin daidai yake da na gidan Bahaushe: baƙo a zaure ake saukar da shi, a girmama shi, amma ba ya wucewa cikin gida. Abin da ya rage shi ne ka san wace hanya ta dace da wane aro. In kira ɗaya ne na 'yan mintuna kuma kana wurin, kafe manhaja ya isa. In aron na awa guda ne ko na yini, ɓangaren baƙo ake buɗewa. In kuma mutum zai riƙa amfani da wayar kullum har ya samu tasa, sai a yi masa ɓangarensa na kansa.

Kafin komai: makullin allo

Duka hanyoyin nan uku a kan makullin allo suka tsaya. In wayarka ba ta da lambar sirri, mai aro zai fita daga inda ka ajiye shi ba tare da wani abu ya tare shi ba. Don haka fara da sa lamba mai alƙaluma shida. Lamba huɗu haɗi 10,000 take da shi, lamba shida kuwa 1,000,000. Zanen da ake ja da yatsa ya fi sauƙin hange a ɗakin da mutane suka cika, kuma sau da yawa sawun yatsa yana zama a kan gilashi. Kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, domin abokan ɗakinka sun san su.

Abu na biyu shi ne saƙonnin da ke fitowa a allo alhali waya tana kulle. Shiga `Settings`, ka buɗe `Notifications`, ka nemi wurin da ya shafi `Lock screen`, ka zaɓi a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa. In ba ka yi haka ba, ko wayar ta kulle, lambar tabbaci da aka turo maka za ta bayyana a fili, mai riƙe da waya ya karanta.

Hanya ta farko: kafe manhaja ɗaya

Sunan wannan saiti ya bambanta tsakanin wayoyi, saboda haka kada ka wahalar da kanka da bin layi-layi. Buɗe `Settings`, ka taɓa madubin nema da ke sama, ka rubuta `pin`. Za ka ga `App pinning`, ko `Screen pinning`, ko kuma `Pin app` ko `Pin windows` a wayoyin Samsung. In wayarka a Faransanci take, kamar ta yawancin 'yan Nijar, rubuta `épingl`. In a Larabci aka sayar maka da ita, nemi `تثبيت الشاشة`. A wayoyi da yawa hanyar ita ce:

```
Settings > Security > Advanced > App pinning
```

Kunna shi. A ƙarƙashinsa akwai maɓalli na biyu, `Ask for PIN before unpinning`, wani wurin kuma `Lock device when unpinning`. Wannan maɓallin shi ne ainihin tsaron, kuma shi ne mutane suka fi mantawa. In ba a kunna shi ba, duk wanda ya san yadda ake cire kafin zai cire shi ya faɗa cikin wayarka kai tsaye.

Wannan shiri sau ɗaya ake yi. Ranar da za ka ba da aro kuma, matakai uku ne. Buɗe manhajar da mai aro yake so. Sannan ka fito da jerin manhajojin da ke buɗe, ta danna maɓalli mai kusurwa huɗu ko mai layi uku da ke ƙasa, ko kuma ta jan yatsa daga ƙasa zuwa tsakiyar allo ka ɗan tsaya. Sai ka taɓa tambarin manhajar da ke saman hotonta, ka zaɓi `Pin` ko `Pin this app`. Daga nan maɓallin komawa gida ya daina aiki, kuma ba a iya jawo labulen saƙonni daga sama.

Idan an dawo maka da waya, ka danne maɓallin baya da na jerin manhajoji tare, ka riƙe na ɗan lokaci. In wayarka ba ta da maɓallan ƙasa, ja yatsa daga ƙasa zuwa sama ka riƙe. Wayar za ta kulle nan take ta nemi lambarka. In mai aro ya kashe wayar ya sake kunnawa, kafin zai tafi, amma makullin allo ne zai tarbe shi.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a Tecno, Infinix da Redmi. A jerin manhajojin da ke buɗe ana ganin alamar ɗan kwaɗo, mutum ya taɓa ya ɗauka ya kafe manhaja. Wannan kwaɗon aikinsa kawai shi ne hana wayar rufe manhajar lokacin da take sharar abin da ke buɗe, ba ya hana kowa fita. Gwajin mai sauƙi ne: bayan ka kafe, danna maɓallin komawa gida. In ka ga kanka a babban allo, ba ka kafe komai ba.

Iyakar kafi

Kafi yana hana fita daga manhaja, amma ba ya ɓoye abin da ke cikinta. Android da kansa yana gargaɗi a kan haka lokacin kunnawa: ana iya ganin bayananka ta cikin manhajar da aka kafe, kuma ita manhajar tana iya buɗe wasu manhajojin.

Dubi manhajar kira. In ita ka kafe, mai aro yana ganin sunayen da ka adana da jerin waɗanda ka kira, kuma yana iya buga lambobin nan masu tauraro da ake duba kati ko tura shi da su. In Chrome ka kafe, tarihin abin da ka duba yana nan, duk shafin da ka bari a buɗe da sunanka shi ma yana nan. WhatsApp ya fi duka. Yawancin kiran gida daga Sabha ta WhatsApp ake yi saboda tsadar kiran ƙasa da ƙasa, kuma in ka kafe shi ka miƙa, ka miƙa hirarrakinka duka, tun daga na iyali har na mai aika kuɗi.

Saboda haka in kiran WhatsApp ake nema, kai ne za ka rubuta lambar da hannunka, ka buga, ka kafe, ka miƙa, kuma ka tsaya kusa har a gama. Hirarrakin da suka fi nauyi ka riga ka kulle su da `Lock chat`, wanda WhatsApp ya kawo a 2023, domin yana kwashe su daga jerin da ake gani, ba sa buɗewa sai da yatsanka, fuskarka ko lambar sirri. Kafi ya fi dacewa da abin da ba shi da sirri a ciki: kallon bidiyo, sauraron karatu, wasan yara, ko nuna wa wani taswira.

Hanya ta biyu: ɓangaren baƙo

Nan wayar ce take buɗe wani ɓangare sabo fil, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ba hotunanka, ba hirarrakinka, ba sunayen da ka adana, ba manhajojin da ka sauke. Naka yana nan a kulle, saƙonninka na WhatsApp suna jiranka, baƙo ba ya ganinsu. Hanyar ita ce:

```
Settings > System > Multiple users > Add guest
```

A Faransanci `Utilisateurs multiples` da `Invité` za ka gani. In akwai maɓallin `Allow multiple users`, fara kunna shi. Kafin ka koma ɓangaren baƙo, yanke shawara a kan kira. Da farko baƙo ba ya iya buga kira sai na gaggawa. In kana son ya kira da layinka, sai ka kunna `Turn on phone calls` daga ɓangarenka, amma ka sani cewa yin haka yana nuna masa jerin kiranka, kuma katinka zai ci. Gajeren saƙo na layi kuwa baƙo ba ya aikawa, ba ya karantawa. Data dai taka yake sha, don haka ka duba abin da ya rage maka kafin aro da bayansa. In akwai `Add users from lock screen`, bar shi a kashe, don kada wani ya buɗe wa kansa ɓangare alhali kana barci.

Da an gama, jawo labulen sama, ka taɓa hoton mutum, ka zaɓi `Remove guest` ko `Exit guest`, ka amince a goge. Duk abin da baƙo ya yi zai tafi, wayar ta dawo ɓangarenka ta nemi lambarka.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauka kai birkila ne a Mahdiya, wayarka tana da ɓangaren baƙo. Ƙanen abokinka ya iso daga Tanut da daddare, wayarsa ta mutu a hanya. Da safe ya ce: "Yaya, don Allah ara mini wayarka in sanar da Inna na sauka, kuma ina so in duba Facebook ɗina, akwai lambar wanda zai ba ni aiki." Buƙata biyu ce, kowace da hanyarta.

Kiran Inna shi ne na farko. Ka karɓi lambar, ka rubuta ta da kanka da +227 a gaba, ka buga ta WhatsApp ɗinka, ka kafe, ka miƙa masa, ka zauna gefe. Da sun gama ka cire kafin. Wayar ta nemi lamba, alamar komai ya tafi daidai. Juya allo gefe kafin ka buga lambar.

Facebook kuma ba a ɓangarenka za a buɗe shi ba, domin za a fitar da naka a shigar da nasa, kuma wayar tana iya adana kalmar sirrinsa cikin asusunka. Sai ka shiga `Multiple users`, ka bar kira a kashe tunda ba ya buƙata, ka taɓa `Add guest`. Wayar za ta ɗan ɗauki lokaci tana shiryawa. Duba da idonka: buɗe wurin hotuna, ya zama fanko, buɗe sunaye, ya zama fanko. Sannan ka buɗe masa Chrome, ya shiga Facebook da sunansa da kalmar sirrinsa. Ka ce masa: "Ƙanena, lambar nan da kake nema ka rubuta ta a takarda, domin in na rufe wannan ɓangare komai gogewa yake." Wannan gargaɗi wajibi ne, don abin da aka goge a ɓangaren baƙo ba ya dawowa. Da ya gama ka goge baƙo. Shi bai ga naka ba, kai ma ba ka riƙe nasa ba.

Hanya ta uku: ɓangare na biyu mai ɗorewa

In yaron zai yi mako biyu ko wata kafin ya sayi waya, goge baƙo kullum wahala ce. A wuri ɗaya da ka samu baƙo akwai `Add user`. Wannan ɓangare ba ya gogewa, yana da makullinsa, mai shi yana iya sa asusunsa na Google da WhatsApp na lambarsa, muddin layinsa yana karɓar lambar tabbaci. Amma kula da maɓallin `Turn on phone calls & SMS`: in ka kunna, zai ga jerin kiranka da gajerun saƙonnin layinka, waɗanda ta cikinsu lambobin tabbaci ke zuwa. In ba dole ba, bar shi a kashe. Ka kuma tuna cewa ɓangare na biyu yana cin wuri, kuma ƙaramar waya tana yin nauyi in an ɗora mata mutum biyu. Ranar da zai tafi, ya kwashe hotunansa tukuna, sannan ka goge ɓangaren.

In wayarka ba ta da shi

Ba kowace waya ke da `Multiple users` ba. Galibin wayoyin Samsung ba su da shi, haka ma galibin ƙananan wayoyi masu Android Go. A wasu Xiaomi da Redmi akwai `Second space`, wanda ke buɗe ɓangare na biyu da lambar sirri daban, kuma yana yin aikin sosai in ba ka kwafa masa bayananka ba lokacin da ya tambaya. Samsung na zamani suna da `Maintenance mode` a cikin `Device care`: wayar tana sake kunnuwa ta ɓoye hotuna, saƙonni da asusu, kuma shi ya kamata ka kunna kafin ka bar waya wurin mai gyara. In duk babu, haɗa kafi da `App lock` na wayar, ka kuma tsaya a wurin.

Mai iPhone ba shi da ɓangaren baƙo, sai `Guided Access`, ko `Accès guidé` a Faransanci, wanda ya zo da iOS 6 a 2012.

```
Settings > Accessibility > Guided Access
```

Kunna shi, ka sa masa lamba a `Passcode Settings`. Buɗe manhajar, ka danna maɓallin gefe sau uku a jere, ko maɓallin gida a tsofaffin wayoyi, ka taɓa `Start`. Kafin ka fara kana iya zagaye wani sashe na allo da yatsa don ya daina amsa taɓi, kana kuma iya ƙayyade lokaci a `Options`. Fita ma dannawa uku ce, sai lamba, sai `End`.

Abin da duka ukun ba sa karewa

Sim da katin memori ƙarfe ne da roba, ana zare su da tsinke. Wanda ya fita da wayarka waje zai iya sa sim ɗinka a wata waya, ya karɓi lambar tabbacin WhatsApp mai alƙaluma shida. Ko bai zare ba, WhatsApp yana iya faɗin lambar ta kiran murya, kuma kira mai shigowa yana ƙara ko a ɓangaren baƙo. Toshe wannan ƙofa tun yau: a WhatsApp shiga `Settings`, `Account`, `Two-step verification`, ka sa lamba shida da ta bambanta da ta allo. Sa wa sim ɗinka ma lambarsa a `SIM card lock`, amma da kula, domin kuskure sau uku yana kulle shi sai da lambar `PUK`. Katin memori mai hotunan iyali kuwa, cire shi kafin aro mai tsawo.

Bayan kowane aro da wayar ta bar idonka, duba abu uku. Buɗe `Linked devices` a WhatsApp, in ka ga na'urar da ba ka sani ba ka fitar da ita. Duba katinka da datarka. Duba gajerun saƙonni, in ka tarar da lambar tabbaci da ba kai ka nema ba, wani ya gwada shiga asusunka, sai ka canza lambobin sirrinka a ranar.

Kada ka jira sai an miƙo hannu sannan ka fara laluben saiti a gaban mutum, domin a nan ne kunya ke sa a miƙa waya a buɗe. Zauna yau ka sa makulli, ka kunna kafi, ka gwada shi da kanka har hannunka ya saba, ka duba ko wayarka tana da ɓangaren baƙo. Sannan ka yi wa kowa haka, na kusa da na nesa, don kada wani ya ga kamar shi kaɗai ake zargi. In abokin ɗakinka bai iya ba, nuna masa a tasa wayar.